Kaurin Kwanon Rufi: Yadda Za Ka Auna Shi, da Abin da Yake Yi wa Rufin Gidanka

Kwano biyu suna iya zama launinsu ɗaya, tsarin tudu da kwarinsu ɗaya, sheƙinsu ɗaya, amma ɗayan ya fi ɗayan kauri da rabi. Ido ba ya gane wannan bambanci, domin magana ce ta abin da bai kai rabin milimita ba. Sai an ɗora rufi, damina ta zo da iskarta, sannan a san wanda aka saya. Akwai yadda za ka gane tun kwanon yana ƙasa. Amma kauri ba maganin komai ba ne: a kan iska yana aiki sosai, a kan daɗewa yana aiki tare da wani abu daban, a kan ƙarar ruwa kuwa taimakonsa kaɗan ne.

Mataki na farko: ka bar lambar geji, ka nemi milimita

Geji lamba ce ta kaurin kwano da ke tafiya a juye. Duk lokacin da lambar ta hau, kwanon ya ƙara sirancewa. Geji 26 ya fi geji 28 kauri, geji 28 kuma ya fi geji 32. A ma'aunin da aka saba yi wa ƙarfe, geji 24 yana kusan milimita 0.60, geji 26 kusan 0.45, geji 28 kusan 0.38, geji 30 kusan 0.30. Idan aka wuce geji 32, an sauko ƙasa da milimita 0.25, wato langa-langa ke nan.

Matsalar ita ce ma'aunin geji ba ɗaya ba ne a duniya. Akwai na ƙarfe zalla, akwai na ƙarfen da aka shafe da tutiya, akwai kuma wanda ake yi wa alminiyom. Geji 26 na alminiyom kusan milimita 0.40 ne, na ƙarfe zalla 0.45, na ƙarfe mai tutiya kuwa a wani jadawalin ya kai 0.55. Lamba ɗaya, kauri uku. Mai sayarwa yana iya ce maka geji 28 ne, bai yi ƙarya ba, kai kuma ba ka samu abin da ka zata ba. Don haka idan an kira maka geji, ka ce: milimita nawa ke nan? Kuma a rubuta maka a takardar ciniki.

Bayan wannan akwai tambaya ta biyu: milimitar da aka faɗa ta ƙarfen ce kaɗai, ko har da shafe da fenti? A jikin kwano ko takardar masana'anta za ka iya ganin BMT ko TCT. BMT shi ne kaurin ƙarfen ciki kafin a shafa masa komai. TCT shi ne kaurin duka bayan an shafe shi. Shafen kirki yana ƙara kusan milimita 0.04 zuwa 0.05, fenti kuma ya ƙara ɗan abin da ya ƙara. Kwanon da aka rubuta masa 0.47 TCT, ƙarfensa 0.42 ne. Ƙarfin ɗaukar nauyi da riƙe kusa daga ƙarfen ciki yake fitowa, fenti ba ya riƙe komai. Idan za ka kwatanta kwano biyu, ka kwatanta BMT da BMT.

Mataki na biyu: ka auna da hannunka

Da farko ka tabbatar da irin ƙarfen. Maganaɗisu yana manne wa ƙarfe, ba ya manne wa alminiyom. Wannan ya zama dole domin lissafinsu ya bambanta.

Abin awon da ya dace shi ne maikuromita, wanda ke karanta kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Ka ɓare ledar da ake manna wa kwano don kare fenti, in akwai, domin ita ma tana da nata kaurin. Ka auna a wuri mai faɗi, ka matsa ciki kamar santimita 2 daga bakin da aka yanka, saboda almakashi yana barin ɗan kaifi a baki wanda ke ƙara wa awo. Kada ka tsaya a kan kwanon da aka miƙo maka. Ka zaro ɗaya daga sama, ɗaya daga tsakiya, ɗaya daga ƙasan tarin, ka auna kowanne a wuri biyu ko uku.

In babu maikuromita, sikeli yana yin aikin, kuma ni na fi yarda da shi, don ba a murɗa shi da yatsa. Ka nemi ɗan guntu, ka miƙar da shi ya kwanta, ka yanka murabba'i mai santimita 10 a kowane gefe, ka ɗora a kan ƙaramin sikelin da ke auna giram. Murabba'in ƙarfe irin wannan, in kaurinsa milimita 1 ne, nauyinsa giram 78.5 ne. Na alminiyom giram 27. Sai ka raba:

```
kaurin ƙarfe (mm) = giram ÷ 78.5
kaurin alminiyom (mm) = giram ÷ 27
```

A ce an sayar maka da kwanon ƙarfe a matsayin 0.45. Ya kamata murabba'inka ya kai giram 35, har ya ɗan haura da giram biyu ko uku saboda shafe da fenti. Idan ka ga giram 26, ka raba da 78.5, za ka samu 0.33, kuma wannan har da shafen. Ƙarfen ciki bai wuce 0.30 ba. Kashi ɗaya cikin uku na abin da ka biya ba ya nan. Ɗan bambanci na 0.01 ko 0.02 abu ne da aka saba gani daga masana'anta, amma ba irin wannan ba.

Mataki na uku: ka lissafa abin da iska za ta yi

Nan zan daɗe, domin nan ne kauri ya fi yin aiki, kuma nan ne mutane suka fi yi masa gurguwar fahimta. Da yawa suna ɗauka cewa kwano mai kauri ba ya tashi saboda nauyinsa. Ba haka ba ne. Kwanon 0.30 nauyinsa bai kai kilo 3 a kowace murabba'in mita ba, na 0.45 kuma kusan kilo 4. Yanzu za ka ga cewa wannan ba komai ba ne a gaban iska.

Idan iska ta bugi bango ta haura ta bi ta kan rufi, tana tsotsar kwanon ne zuwa sama. Tsotson ya fi tsanani a kusurwoyi, da bakin rufi, da kuma ƙololuwa. Ƙarfin iska ana lissafa shi haka, inda V take nufin gudunta a mita cikin daƙiƙa:

```
q = 0.613 × V²   (N/m²)
```

Mu ɗauki gida mai faɗin mita 10, guguwa ta taso tana gudun mita 30 a daƙiƙa, wato kilomita 108 a awa. Lissafin ya ba da kusan 550, wanda ya yi daidai da nauyin kilo 56 a kan kowace murabba'in mita. A kusurwar rufi tsotson yana iya ninka wannan sau biyu, ya zama kilo 112. Idan kuma ƙofa ko taga ta ɓalle a ɓangaren da iskar ke bugowa, iska ta cika ɗaki tana tura rufin daga ƙasa, sai jimillar ta kusa kilo 150. Ka kwatanta da kilo 4 na nauyin kwanon. Ka kuma lura cewa gudun iska ana ninka shi da kansa ne: in ya ƙaru daga 30 zuwa 42, ƙarfin ya kusa ninkawa biyu.

Kusoshi ne ke riƙe wannan kilo 150, kowace da rabonta. Rabon kusa ɗaya shi ne faɗin wurin da take tsaro: tazarar katakon gicciye da ake buga kwano a kai, a ninka da tazarar kusa da kusa a kan katakon. Idan kafinta ya bar mita 1.2 tsakanin katako da katako, ya kuma buga kusa duk bayan santimita 30, kowace kusa tana tsaron murabba'in mita 0.36. A kusurwa, fizgar kilo 54 ke nan a kanta ita kaɗai. Idan aka matso da katakon zuwa santimita 90, aka buga kusa a kowane tudu na biyu (a kwano mai ƙananan tudu tsakanin tudu da tudu milimita 76 ne, biyu sun zama kusan santimita 15), rabon ya sauko zuwa kusan kilo 21. Kwano ɗaya, iska ɗaya, amma nauyin kan kusa ya ragu fiye da rabi.

Duk wannan fizga tana taruwa ne a ɗan zagayen ƙarfen da ke ƙarƙashin kan kusa. A nan kauri ya shigo. Idan ka je wurin da iska ta yaye rufi, ka dubi katakon. Sau da yawa za ka tarar da kusoshin suna nan daram, wasu ma da ɗan guntun kwano a wuyansu. Kusa ba ta fita ba, kwanon ne ya yage ya zame ta kanta. Ƙarfin da kwano ke da shi na hana wannan yagewa yana tafiya kusan daidai da kaurinsa da kuma faɗin wasa, wato ɗan faifan nan mai huji da ake sa wa ƙarƙashin kan kusar. Kwanon 0.45 ya fi na 0.30 ƙarfin riƙo da kusan rabi. In ka ƙara masa wasa mai faɗi, ya ƙara samun wurin dafawa.

Idan kuwa ka tarar kusoshin sun tafi tare da kwanon, sun bar ramuka a katako, laifin ba na kauri ba ne: kusar ta yi gajarta, ko santsi gare ta, ko katakon ɗanye ne aka buga ya bushe ya saki. Sukuru ko kusa mai zare ita ce maganin wannan. In kuma rufin ya tashi gaba ɗaya har da katakonsa, ɗaurin da ke tsakanin katako da bango ne ya gaza, kuma kwano ko na milimita 1 ne ba zai hana ba. Kafin ka ɗora wa kwano laifi, ka karanta abin da ɓarnar ta bari.

Akwai wani abu da ba a gani da wuri. Iska ba fizga ɗaya take yi ba, tana ja tana saki sau dubbai. Siririn kwano yana lanƙwasawa sama da ƙasa a gefen kusa, kamar yadda ake karya waya da lanƙwasa ta gaba da baya, har ƙananan tsagu su fito daga ramin. Guguwar Tracy da ta afka wa birnin Darwin na Ostareliya a 1974 ita ta fito da wannan fili: an gano rufin kwano da yawa sun tashi ne saboda irin wannan gajiyar ƙarfe a gefen kusoshi, kuma daga nan aka shigo da gwajin ja da saki ga kwanon da za a yi amfani da shi a yankunan guguwa. A naka rufin, alamar ita ce tsagu masu kama da tauraro a gefen kusa, ko tudun da ya lotsa ya zama kwari a ƙarƙashinta. In ka ga haka, rufin ya fara sanar da kai.

Saboda haka, a gida mai faɗin mita 10, ka ɗauki mita 1 na kowane gefe da kusurwoyi da gefen ƙololuwa a matsayin wurin haɗari, ka ninka kusoshi a nan. Kuma kada ka bar kwano ya zarce katakon ƙarshe da yawa yana reto, domin nan iska ke fara samun wurin kamawa.

Mataki na huɗu: ka daidaita kauri da tazarar katako

Kauri da tazara tare ake yanke shawararsu. Tudu da kwarin kwano su ke ba shi ƙarfin tsallaka tazara, shi ya sa kwano mai zurfin tudu ya fi mai gajeren tudu nisan tsallake ko da kaurinsu ɗaya. Amma lotsawa a wuri ɗaya, kamar inda ƙafa ta taka ko ƙanƙara ta faɗo, ta fi dogara ga kauri, kuma a nan bambancin yana da girma: taurin fallen ƙarfe yana tafiya ne da kauri × kauri × kauri. Daga 0.30 zuwa 0.45 kauri ya ƙaru da rabi kawai, amma taurin ya haura ninki uku.

Alminiyom kuma taurinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe. Kwanon alminiyom 0.45 ba tsaran kwanon ƙarfe 0.45 ba ne. In za a ɗora shi a tazara ɗaya, dole ya fi kauri. Masana'anta ta kirki tana da jadawalin da ke nuna iyakar tazarar kowane kauri, ka nema ka ba kafinta. A ganina, ga gidan zama, kada ƙarfe ya gaza 0.40 BMT, alminiyom kuma kada ya gaza 0.55, kuma a wuri mai iska ko fili marar bishiyoyi a ƙara. In aljihu ya tilasta maka siririn kwano, to ka biya bashin da katako: ka matso da tazara, ka ƙara kusoshi da wasa. Siririn kwano da faffaɗar tazara a haɗe, wannan ne ba ya kai ko'ina.

Mataki na biyar: daɗewa, inda kauri ke da abokin aiki

Abin da ke hana ƙarfe tsatsa shafensa ne. A takardar kwano za ka ga irin Z275 ko AZ150. Z275 na nufin giram 275 na tutiya a kowace murabba'in mita, in an haɗa fuska biyu. AZ150 kuma giram 150 ne na haɗin alminiyom da tutiya, wanda kashi 55 cikin ɗari nasa alminiyom ne. Dukansu suna ba da kusan milimita 0.02 a kowace fuska. Yawan shafen shi ke nuna tsawon lokacin da za a ɗauka kafin jar tsatsa ta fito. Kwano mai kauri da ɗan shafe kaɗan zai riga siriri mai shafen kirki yin ja. Don haka lambobi biyu za ka tambaya, ta kauri da ta shafe. Abin takaici, kwanon da aka rage wa ƙarfe galibi an rage masa shafe ma.

Kauri yana shigowa ta hanya biyu. Bayan tsatsa ta kama, ƙarfen da ya fi yawa ya fi daɗewa kafin ya huje. Ta biyun ta fi muhimmanci: siririn kwano yana lotsawa tun ranar ɗora shi, a ƙarƙashin ƙafar mai aiki. Inda ya lotsa ruwa da ƙura suna kwanciya, wurin ba ya bushewa, shafen ya riga na ko'ina cinyewa. Gaɓar da kwano ya hau kan kwano ita ma tana buɗe baki in falle ya lanƙwashe, iska ta tura ruwa ciki. Yoyo da yawa daga nan yake farawa tun kafin a ga tsatsa.

Sai zafin rana. Kwano yana miƙewa da rana ya tsuke da dare. Fallen ƙarfe mai tsawon mita 10, in zafinsa ya sauya da digiri 50, yana motsawa kusan milimita 6, na alminiyom kusan 12. Wannan kai da kawo yana goga ramin kusa kullum, kuma a siririn falle ramin ya fi saurin zama dogo har wasa ta kasa rufe shi. Idan yoyo yana bin layin kusoshi, musamman a ƙarshen dogayen falle, wannan ne sanadi.

Ranar aiki ka tsaya a kan abu uku. A taka kan layin katako kawai, da takalmi mai taushi. A yanka kwano da almakashi, domin injin gurza yana ƙona shafen baki yana kuma watsa garin ƙarfe mai zafi a kan fenti. A share garin da hujin sukuru ya bari kafin a tashi, in ba haka ba raɓar dare ɗaya ta isa ya bar ɗigon tsatsa.

Mataki na shida: ƙarar ruwa

Gaskiya ne siririn kwano ya fi ƙara, kuma ƙararsa ta fi kaifi a kunne. Babban ɗigon ruwa yana faɗowa da gudun kusan mita 9 a daƙiƙa, falle marar nauyi kuma ya fi saurin girgiza, kamar fatar ganga. Amma kada ka sayi kauri da tsammanin shiru. Ƙa'idar da masana sauti ke aiki da ita ita ce ninka nauyin falle sau biyu yana rage kusan desibel 6 a ma'aunin ƙarfin sauti. Daga 0.30 zuwa 0.45, abin da za ka samu bai wuce desibel 3 zuwa 4 ba. Kunne yana jin wannan, amma kaɗan. Kafin mutum ya ji ƙara ta ragu da rabi, sai an rage kusan desibel 10. Alminiyom, da yake ya fi sauƙin nauyi, ya fi ƙarfe mai kauri ɗaya da shi amo.

Abin da ke kashe ƙara da gaske yana ƙarƙashin kwanon. Bargon auduga ta gilashi ko ta dutse mai kaurin kamar milimita 50, in an shimfiɗa shi yana taɓa cikin kwano, yana danne girgizar tun daga tushe, kamar ka ɗora tafi a kan ganga. Siririyar takarda mai sheƙi da ake sa wa don zafi ba ta yin wannan aikin. Sai silin mai nauyi wanda aka toshe duk wata kafa tasa, domin sauti yana bi ta ramin fitila da gefen bango kamar yadda ruwa ke bin tsaga. Kwano mai shafen tsakuwa shi ma ya fi shiru, saboda tsakuwar tana ƙara nauyi tana kuma farfasa ɗigo, ko da ƙarfen cikinsa bai fi na sauran kauri ba.

Ka bambanta ƙarar ruwa da wasu ƙararraki biyu. In kana jin ƙas-ƙas da hantsi ko da yamma ba ruwa ba iska, miƙewa da tsukewa ne, galibi an ɗaure sukuru fiye da kima. In kuma kana jin fal-fal ko bugu idan iska ta kaɗa, falle ne ke tashi yana komawa tsakanin katako biyu ko a gefen kusar da ta saki. Wannan kada ka saba da shi. Ka hau bayan iska ta lafa, ka bi layin kusoshin gefe da na kusurwa ɗaya bayan ɗaya, ka danna kwanon da tafin hannu kusa da kowace. Inda ya motsa, ka cire kusar ka sa sukuru mafi kauri mai faffaɗar wasa da roba. Inda ka ga tsaga ta fito daga rami, sabon sukuru a wannan ramin ba zai riƙe ba: ka toshe shi, ka buga a tudun da ke kusa ta hagu da ta dama, in tsagun sun yi yawa a falle ɗaya kuma ka sauya fallen kafin damina ta gaba.